Jarkar da ta sha fetur ba ta komawa ta ruwan sha

Jama'a, duk wanda ke zuba ruwan sha a tsohuwar jarkar fetur don ya wanke ta da sabulu warin ya tafi, don Allah ya daina. Wankin ba ya kai wa inda matsalar take.

Yawancin jarkoki da wasu bokitan fenti an yi su ne da roba mai lamba 2 a gindi. A ido kamar ba abin da zai ratsa ta, amma fetur yana shiga cikin jikin robar ya zauna, kamar yadda mai ke kama tufa. Sabulu saman kawai yake wankewa. Idan aka zuba ruwa aka rufe, abin da robar ta sha sai ya riƙa tsattsafowa a hankali, kuma zafin rana yana ƙara masa sauri. Shi ya sa jarkar da aka rantse ta fita, bayan ta wuni a rana a rufe, kana buɗe murfin sai warin ya bugi hancinka.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sinadarin benzin da ke cikin fetur, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha miligiram 0.01 a kowace lita. Jarka mai lita 20 ke nan kada ta wuce miligiram 0.2. To ɗigon fetur ɗaya tak, idan benzin ɗinsa kashi ɗaya ne cikin ɗari, yana ɗauke da kusan ninki biyu na wannan. Ɗigo ɗaya fa! Balle robar da ta shekara tana shan fetur.

Bokitin fenti kuma ya fi yaudara. Wasu fentin mai akwai dalma a cikinsu, ita kuwa ba ta da wari, tafasa ruwa ma ba ta kawar da ita, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara take fi yi wa illa. Fentin ruwa ma ana sa masa maganin hana ruɓewa da ba a yi shi don cikin mutum ba. Abinci mai maiƙo, mai tsami ko mai zafi ya fi jawo waɗannan abubuwa daga jikin bokitin.

Na san ba don ganganci ake yi ba, rashi ne. A yi amfani da irin waɗannan jarkoki da bokitai wajen zuba shara, kwaɓa siminti ko wanke bayi. Don ruwan sha kuwa, a nemi jarkar da tun asali abinci ta ɗauko, kamar ta man girki, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu. Lamba 2 irin robar kawai take nunawa. Alamar kofi da cokali mai yatsu ce ke nuna an yi mazubin don abinci, ita ma sai idan ba a taɓa zuba masa fetur ko fenti ba.