Ba ƙaddara ce ke ƙona birkin tirela a hanyar Kumasi ba

Duk lokacin da wata tirela ta kutsa cikin jama'a a hanyar Accra zuwa Kumasi, kafin a gama kwashe gawarwaki an riga an sami bayani: birki ne ya ƙi. Gidajen rediyo su faɗa, mai motar ya faɗa, mu ma a Zango mu karɓa mu ce Allah Ya kiyaye gaba, shi ke nan an rufe magana. Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne sabuwar waƙar da wasu masu motoci suka ɗauko tun da kawunan tirela na Turai masu birkin faifai suka yawaita a tashar Tema. Wai irin wannan birkin ba ya gajiya, ba ya ɗaukar zafi irin na dirom, don haka idan ya ƙi to daga Allah ne. Wannan magana ƙarya ce, kuma tana kashe mutane.

Aikin birki shi ne mayar da gudun mota zafi, ba shi da wata hanyar tsayar da ita. Takalmi biyu su matse faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, gogayya ta cinye gudun, ƙarfen ya shanye zafin. Yawan zafin kuwa ana lissafa shi da ½mv², wato rabin nauyin mota sau gudunta sau gudunta. Tirela mai tan 40 da ke gudun kilomita 80 a awa tana ɗauke da kusan megajul 10. Wannan zafin ya isa ya tafasa ruwa lita 30. Idan direba ya tsayar da ita cikin daƙiƙa takwas, birkin ya yi aikin da ya kai ƙarfin doki 1,700, alhali injin da ke jan motar bai wuce doki ɗari huɗu zuwa ɗari biyar ba.

To ina zafin yake zuwa? Faifan babbar mota ƙarfen zubi ne, faɗinsa milimita 430, nauyinsa wajen kilo 35. Kowane kilo na wannan ƙarfe yana shan jul 500 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Mu ƙaddara motar ƙafa shida ce, wato layin tayoyi shida, kowace ƙafa da faifai biyu, duka goma sha biyu suna aiki daidai. Tsayawa ɗaya daga gudun 80 za ta ƙara wa kowane faifai abin da bai kai digiri 50 ba. Wannan ba komai ba ne, an ƙera shi don haka. Iska da tayoyi da inji ma suna ɗan rage masa wani kaso.

Yanzu sai mu dubi motar da muka sani, wadda ake lodawa a Tema za ta Paga ko Wagadugu. An ɗora mata siminti ko shinkafa har ta kai tan 60, zafin tsayawa ɗaya ya tashi zuwa megajul 15. Birkin bodin baya ya daɗe da lalacewa, an toshe bututun iskarsa saboda yana yoyo, an ce kan motar sabo ne, zai riƙe. Faifai shida ne kawai suka rage da aikin. Lissafi iri ɗaya ya ba da digiri 140 a kowace tsayawa, ninki uku na farko. Idan direban ya ƙara gudu daga 80 zuwa 100 don ya cimma lodi na gaba, zafin ya ƙaru da fiye da rabi, tunda gudu sau biyu yake shiga lissafin.

Ko wannan ma da sauƙi in da tsayawa ɗaya ce. Matsalar ita ce zafi yana shiga cikin daƙiƙoƙi, amma fitarsa sai an yi mintoci. Kamar randa ce mai ɗan huji a gindi ana zuba mata ruwa da bokiti: in an bar tazara tsakanin bokiti da bokiti za ta tsiyaye, in an jera su sai ta cika ta tumbatsa. Faifan yana da ramuka a tsakiyarsa da ke jan iska idan taya na juyawa da sauri, amma motar da ta tsaya ko take rarrafe a cunkoso ba ta samun wannan iskar, ga shi kuma faifan a ɓoye yake cikin rim. Duk wanda ya san hanyar daga Konongo zuwa Ejisu, har a shigo ta Tech Junction a kai Anloga Junction, ya san yadda ake yi: tudun rage gudu, motar haya ta tsaya ɗaukar fasinja a tsakiyar titi, danja, wani tudun kuma. Mu ce faifan ya fara da digiri 100, kuma tsakanin tsayawa da tsayawa yana samun sararin zubar da digiri 40. A motarmu ta biyu kowace tsayawa na barin ragowar digiri 100. Tsayawa ta uku ya kai 400. Fuskar faifan, inda takalmi ke goga, ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, domin zafin bai samu lokacin ratsa ƙarfen ba.

A nan ne masu waƙar birkin faifai suke ɓata. Gaskiya ne dirom idan ya yi zafi buɗewa yake yi, ya nisanta daga takalmi, shi kuwa faifai in ya kumbura kusantar takalmi yake. Saboda haka faifai ya fi jimiri, ban musa ba. Amma ba ƙarfen ne ke fara gazawa ba, takalmin ne. Ana yin sa da garin ƙarfe da zare da wasu ma'adinai, a haɗe su da wani irin ƙaro da ake gasawa ya daskare. Daga wajen digiri 300 zuwa sama wannan ƙaron yake fara ƙonewa, yana fitar da hayaƙi da wani maiƙo da ke shiga tsakanin takalmi da faifai. Kamun takalmin, wanda a lafiyarsa yake wajen 0.4, sai ya yi ƙasa. Idan ya sauka zuwa 0.25, motar da ke tsayawa cikin mita 50 sai ta ci mita 80. Waɗannan mita 30 ɗin da suka ƙaru su ne rumfar mai sayar da kenke da 'yan makarantar da ke jiran mota.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne direba ba ya ganin alama a gabansa. A ƙaramar mota mai birkin mai, in man ya tafasa feda takan yi laushi ta nutse. Tirela da iska take aiki, babu man da zai tafasa. Agogon iska na nuna komai daidai, feda tana nan yadda take, an taka, iska ta tura, takalmi ya matse, mota kuma tana ta tafiya. Sai direba ya firgita ya riƙa taka-saki, taka-saki, kowane saki na zubar da iska daga tanki, har ya haɗa wa kansa matsala ta biyu. Bayan awa guda, lokacin da 'yan sanda suka iso, ƙarfen ya huce, kamu ya dawo. A gwada birkin a ga yana ci. Daga nan sai ko dai a ce direban barci ya yi, ko a koma ga ƙaddara.

Amma zafi yana barin shaida. A Suame Magazine, unguwar kanikawa ta Kumasi, wani dattijon bakanike ya jawo mini wani faifai daga ƙarƙashin benci. Fuskarsa ta yi shuɗi-shuɗi da dabbare-dabbare, ga ƙananan tsagu birjik sun nufi tsakiya, ɗaya ta ratsa har baki. Ya miƙo takalmin, fuskarsa na sheƙi sumul, gefensa na marmashewa in an murza da yatsa.

"Malam, ka ga wannan? Sai da ya yi ja wur kafin ya koma haka," in ji shi. "Yaron motar kuma ya ɗebo ruwa ya sheƙa masa wai ya huce. Shi ne ya tsage."

Na ce, "Baba, mai motar fa me ya ce?"

"Alhaji cewa ya yi in sa masa takalmi mafi araha, na baya kuma a bari sai an dawo daga Bolga."

Faifai ba ya yin ja sai ya haura digiri 500. Kafin a kai nan hanci ya riga ya ji ƙauri, ido ya ga hayaƙi daga rim, wani lokaci giris ɗin cibiyar taya ya narke ya tsiyayo, daga nan kuma sai taya ta kama wuta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke faruwa farat ɗaya.

Gangare kuwa ya fi tsayawa muni, ko da direba bai yi gudu ba. Tan 40 da ta sauko tsayin mita 100 tana zuba wa birki megajul 39, daidai da tsayawa huɗu daga gudun 80, babu hutu a tsakani. Wanda ya taɓa saukowa daga Aburi zuwa Ayi Mensah, ko daga dutsen Kwahu zuwa Nkawkaw, ya san tsawon lokacin da ƙafa ke daɗewa a kan feda. Don haka ne aka sa wa manyan motoci birkin salansa da ritada, domin inji da ƙaramar giya su riƙe motar, a bar faifai da sanyinsa don lokacin buƙata. Ku je garejin da ke Aboabo ko Asawase ku tambayi direbobi nawa ne birkin salansarsu ke aiki. Da yawa za su ce maigida ya ce ba dole ba ne, tunda mota na tafiya.

Masu cewa a ƙara tudun rage gudu a kowane ƙauye su sani cewa kowane tudu wani taka birki ne suke ƙara wa faifan da ya riga ya gasu. Masu jiran a gama faɗaɗa hanya kuma, titi mai faɗi ba ya rage nauyin tan 60, gudu ma yake ƙarawa. Masu ɗora komai a kan direba sun manta ba shi ke sayen takalmi ba, ba shi ke yanke yawan lodi ba, kuma in ya ƙi tuƙawa akwai goma da ke jiran makullin.

Ni abin da nake so in gani ba mai yawa ba ne. Wuraren auna nauyi na Hukumar Manyan Hanyoyi suna nan, a ba ma'aikatansu ɗan ma'aunin zafi na hannu, irin wanda ake haskawa daga nesa. Motar da ta taho daga tafiya, in an haska cibiyar kowace taya, wadda ta fi sauran zafi sosai tana ɗaukar aikin wasu ne ko ta maƙale, wadda take da sanyi kuwa birkinta ba ya aiki sam. Hukumar lasisin direbobi da motoci, DVLA, ta daina ba tirela takardar lafiya ba tare da an gwada birkin bodin baya ba. Idan kuma hatsari ya faru, 'yan sandan hanya na MTTD su ciro faifai da takalmi su ajiye a matsayin shaida, a kira mai motar ya zo ya yi bayanin launinsu tare da direbansa.