Sunan da ya faɗi haja ba ya rajistuwa

"Ina son in sa wa kilishina suna Kilishin Damagaram, in zana taswirar Nijar da tuta a leda. Ai hakan ya fi saurin shiga kai, ko?"

Alhaji, yana shiga kai, amma ba naka ba ne kai kaɗai. Duk mai yin kilishi a garin nan yana da ikon kiran nasa haka, shi ya sa OAPI, hukumar da ke yi wa tambarin kasuwanci rajista daga Yawunde, ba ta mallaka wa mutum ɗaya sunan da ya tsaya ga faɗin nau'in kaya da garinsu. Tutar ƙasa ma ba a yarda da ita cikin tambari.

Nemi kalmar da ba ruwanta da nama. A ce Tauraro: gajere ne, yaron da aka aika Kasuwar Dole ba zai manta ba, kuma babu ƙ ko ɗ da za su wahalar da mai buga leda. "Kilishin Damagaram" sai ya koma ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Zanen kuwa tauraro ɗaya ya isa. Sa a sassaƙa maka shi a hatimi ka buga da baƙar tawada. In ya dagule, layukan sun yi yawa.

Kafin ka buga leda dubu, a bincika ko wani ya riga ka sunan. Rajistar tana aiki shekara 10 a ƙasashe 17, ana sabuntawa. Najeriya ba ta ciki, don haka in kana kai kaya Kano, can ma sai ka yi tasu daban.