Kun je ta'aziyya ne ko bincike?

A makon nan, a wani zaman makoki, an sa uwar da ta binne ɗanta da safe a gaba da tambaya. "Me ya same shi? Kwana nawa ya yi yana zazzaɓin? Ba ku kai shi asibiti ba?" Da ta ce sun kai shi a rana ta uku, sai mai tambayar ta girgiza kai ta ce, "Kai, da tun ranar farko ne." Matasa, ku nake wa magana, don yanzu har ku kun ɗauki wannan hali.

Ku duba abin da tambayar nan ke yi. Idan mutum arba'in suka shigo a wuni, kowa da "me ya same shi", uwar nan za ta sake bin hanyar asibiti sau arba'in da bakinta, tun daga zafin jikin yaron har numfashinsa na ƙarshe. Ita kuwa "da" ɗin nan tuhuma ce. Uwa ta riga ta tuhumi kanta kafin kowa ya iso, abin da ya rage mata shi ne wani ya tabbatar mata da laifin, ke kuma kin zo kin sa hannu. Ke za ki manta kafin ki sa takalmi, ita za ta yi shekaru da maganar. Magana zarar bunu ce. A hadisin Muslim, Annabi (SAW) ya hana mu cewa "da na yi kaza da kaza ta faru", ya ce "da" tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Mu kuwa mukan ɗauko ta mu kai gidan mutuwa kamar tsaraba.

Alhali abin faɗa kaɗan ne. Ka yi sallama, ka zauna, ka sassauta murya: "Ashe an yi rashi. Ya haƙuri?" Sai addu'ar da ta dace da wanda ya rasu. Babba ne, ka ce Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya albarkaci abin da ya bari. Ƙaramin yaro ne, ka ce Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ku ladan haƙuri. Lokacin da ɗiyar Annabi ta aiko masa cewa ɗanta na bakin mutuwa, saƙon da ya mayar mata shi ne: na Allah ne abin da ya karɓa, nasa ne abin da ya bayar, komai a wurinsa da ajali ambatacce, ta yi haƙuri ta nemi lada. Ku nemo min tambaya a ciki. Idan ka san wani alherin mamacin, faɗi guda ɗaya na gaskiya, "ya taɓa biya min kuɗin makaranta ban roƙe shi ba", wannan iyalansa za su riƙe. Daga nan ka yi shiru. In mai rashin ya so ba da labarin jinyar, da kansa zai fara, kai naka saurare.

Ƙannen "da" ma suna nan. "Ai za ki haifi wani", sai ka ce tufa ce ta yage za a ɗinka sabuwa. "Da sauran ƙuruciyarki, za ki samu miji", ga matar da ko kwana ɗaya ba ta cika ba cikin wata huɗu da kwana goma na takaba. Sai masu tsawa, "Daina kukan nan, ina imaninki?" Annabi ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Kururuwa da marin fuska da yaga tufafi aka hana, hawaye rahama ne. Kada ma a zo kan masu zama suna latsa waya, ko masu musun ƙwallo da siyasa a kan tabarmar makoki, ko wanda ke sanar da rasuwa a intanet tun 'yan'uwan mamaci ba su ji ba.

Amma mai bincike ya fi ƙona min rai, don shi yana ganin kulawa yake nunawa. In lallai sai ka san sanadin, tambayi wani na nesa bayan ka fita. Da can dattijo zai shigo ya durƙusa, ya yi addu'a, ya ɗan zauna shiru, ya miƙe ya ce Allah ya ƙara haƙuri, bai furta kalma ashirin ba. Yanzu sai an ji sunan ciwon, da sunan asibitin, da nawa aka kashe, har da ko ya bar gida.