Alamar @ a Tsohon Lissafin Excel

"Na buɗe tsohon fayil ɗina a sabon Excel, sai ga @ a cikin lissafina. Ya lalace ne?"

A'a, bai lalace ba. Abin da tsohon Excel yake yi a ɓoye ne aka fito da shi fili.

A ce farashin kaya yana A2 zuwa A10, kuma an rubuta `=A2:A10*2` a C5. Tun da gurbi ɗaya amsa ɗaya yake ɗauka, sai tsohon Excel ya dubi layin da lissafin yake, wato na 5, ya ɗauki A5 kawai, ya bar sauran. Da a C12 aka rubuta shi, inda jerin bai kai ba, `#VALUE!` za a gani.

Shi kuwa sabon, amsoshi tara zai zubo, daga C5 har C13. Don kada hakan ta sauya maka sakamako ne yake nuna `=@A2:A10*2`.

Saboda haka ina roƙonka kada ka yi garajen goge alamar @ ɗin. In ka goge, amsoshin za su kwararo ƙasa, in kuma akwai rubutu a hanyarsu, `#SPILL!` zai fito.