"Banda aikin gini": kalma uku, kwana 9 ana zaman kashe wando

To, an dai sasanta. Waɗanda suka dame ni a inbos suna tambayar yadda aka ƙare da rigimar da aka yi tsakanin yaro mai wayarin wuta da babban ɗan kwangila a ginin gidan nan mai fulat 4, ku kwantar da hankalinku, ba a kai ga ofishin 'yan sanda ba, kuma mai wayarin ya dawo da giranda da tsanin da ya kwashe cikin fushi. Amma kada wanda ya sake ce mini wai yaron ne ba shi da kunya, ko wai babban ɗan kwangilar ne azzalumi. Na zauna da su biyun, na karanta takardar da suka sa wa hannu, kuma wallahi takardar ce mai laifi. Da hankalinsu suka rubuta faɗan, suka sa kwanan wata, har da shaidu biyu.

Ga abin da aka rubuta, layi ɗaya da rabi: "Zai yi aikin wayarin na gidan gaba ɗaya, banda kayan ƙawa, banda aikin gini." Sai kuɗi, sai sa hannu. Madalla da wannan gwaninta. Aikin miliyoyin naira, amma bayaninsa bai kai tsawon saƙon da mutum yake tura wa mai kai masa gas ba.

Ni abin da nake faɗa kullum, har abokan aiki sun gaji da ji, shi ne: "banda" ba ta cika magana sai an faɗi wanda zai yi abin da aka cire. Ka cire abu daga wuyan mutum, to a wuyan wa ka rataya shi? Aikin ba ya ɓacewa don ka rubuta banda. Yana nan a filin gini yana jiran ranar da za a yi cirko-cirko a kansa, kowa na nuna ɗan'uwansa.

Ku dubi yadda "banda aikin gini" ta yi aiki a gidan nan. An saka fayif na wayarin a dekin tun kafin a zuba kankare, wannan babu gardama. Da aka zo bango, dole a tsaga bulo a binne fayif mai milimita 20 da 25, a kafa akwatunan soket da na suwic. Yaron ya sa giranda ya tsaga, don a sana'arsu babu mai wayarin da yake yarda birkila ya tsaga masa hanya, zai karkace. Ana cikin haka aka yi filasta a ɗakunan ƙasa, sai mai gida ya zo ya ce a ƙara wurin na'urar sanyaya ɗaki a kowane ɗaki da wurin hita a kowane banɗaki. Aka sake tsaga bangon da aka riga aka shafe. Da aka gama na ɗauki tef na auna, tsagar da ke jiran cikewa ta kai mita 310.

Wa zai cike? Yaron ya ce, "Oga, cike bango da siminti aikin gini ne, kuma takarda ta ce banda aikin gini." Ɗan kwangilar ya ce, "Kai ka fasa, kai za ka gyara. In aikin gini ba naka ba ne, wa ya aike ka fasa bango? Ai fasawar ma gini ce." Ku gaya mini, wane ne maƙaryaci a cikinsu? Babu. Kowa ya karanta kalma uku ɗin nan daidai, ta fuskar aljihunsa. Kuɗin cikewar, birkila biyu da lebura da siminti da yashi, na lissafa bai wuce naira dubu 180 ba. A kan wannan aka rufe aiki kwana 9, mai fenti ya tafi wani aikin, ana biyan hayar sikafol yana tsaye babu kowa a kai.

Da an rubuta haka, da ba a kai nan ba: "Tsaga bango don binne fayif da akwati na mai wayarin ne, da kayan aikinsa. Cike tsagar da mayar da filasta na babban ɗan kwangila ne, da simintinsa da birkilansa, cikin kwana 3 bayan mai wayarin ya sanar ya gama ɗaki. Duk tsagar da aka yi bayan filasta saboda canjin da mai gida ya kawo, ƙarin aiki ne, ba za a fara ba sai an rubuta kuɗinsa." Jimla uku. Kowane aiki da sunan mai shi a gefensa, da na wanda zai sayi kayan, da lokacin da za a yi.

Wannan ba wata fasaha ba ce da na ƙirƙiro. Duk wanda ya taɓa riƙe kundin ƙididdigar gini na babban aiki ya san ana ware wa irin wannan aikin gurbinsa daban, wato aikin magina da ke rakiyar aikin lantarki da na famfo: tsagawa, huda dekin, cikewa, haƙa ramin kebur. Haka kuma ana rubuta hidimar da babban ɗan kwangila zai yi wa ƙananan, kamar sikafol, ruwa, wutar aiki, wurin ajiyar kaya da kwashe shara. Masu manyan ayyuka sun ware waɗannan ne don sun sha wuya a kansu. Mu kuma a ƙananan ayyuka sai mu ce ai an saba, ai kowa ya sani.

"Kowa ya sani" ɗin nan ita ce ta haifi rigima ta biyu, ta "kayan ƙawa". Ɗan kwangilar yana nufin fitilun ado na falo da fankoki, waɗanda mai gida zai zaɓo da kansa. Yaron kuma ya ɗauka har soket da suwic, duk abin da ido ke gani a fuskar bango. Gidan yana da soket sama da 90. Sannan ko fitilun da suka yarda an cire, me aka cire, sayensu ko ɗaura su? Domin abu biyu ne. Ana iya cewa mai gida zai saya, mai wayarin zai ɗaura a cikin kuɗinsa. Ana iya cewa ɗaurawar ma sai an biya daban, kan kowace fitila kaza. Duk wanda aka zaɓa daidai ne, in an rubuta. Duk abin da za ka cire, ka raba shi gida uku ka amsa kowane: wa zai saya, wa zai ɗaura, wa zai gwada ya tabbatar yana aiki. In ka amsa ɗaya ka bar biyu, ka ajiye faɗa biyu a banki.

Kuma a daina kiran abu da sunan taro. "Kayan ƙawa", "aikin gini", "da sauransu", "duk abin da ya shafi wuta". A kira fanka fanka, a kira soket soket, a faɗi adadi, a ambaci lambar zanen da aka yi lissafi a kansa da kwanan watansa. Zanen da yaron ya yi farashi da shi babu wurin hita ko ɗaya. Da an rubuta lambar zanen, da ranar da mai gida ya buɗe baki kowa ya san an fita daga tsohon ciniki.

Na san masu cewa, "Malam, wannan ai rashin yarda ne, mu da muke tare shekara 10." Ku rufa mana asiri. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai aka yi wa magana, ba maƙiya ba. Su ma waɗannan biyun shekara 6 suna aiki tare, yanzu gaisuwa da ƙyar. Akwai kuma masu cewa ba za a iya hango komai ba. Gaskiya ne, to sai me? Don ba ka iya hango komai sai ka ƙi rubuta abin da kake gani ƙuru-ƙuru? Tsaga bango a aikin wayarin ba gaibu ba ne. Abin da ba a hango ba kuma akwai maganinsa: a rubuta cewa duk abin da bai fito a takarda ko a zane ba, ba a fara shi sai an yi farashi an sa hannu.

Wani ma cewa ya yi gara a bar maganar a buɗe, don babba ya samu wurin matse ƙarami. Wannan wayon a banza ne. In magana ta kai gaban alƙali, ƙa'idar da aka sani ita ce kalma mai harshen damo ana fassara ta ne a kan wanda ya tsara takardar, ba don amfaninsa ba. Kuma sashe na 128 na dokar shaida ta 2011 ya sa in yarjejeniya tana rubuce, ba a cika sauraron "ai mun yi magana da baki" don a canja abin da ke ciki ba. Wato duk bayanin da kuka yi a gindin bishiya kuna shan shayi, in bai shiga takarda ba, ku ɗauka iska ta tafi da shi.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne rigima ta uku tana nan tafe, kuma na gaya musu. Takardar ba ta faɗi inda aikin yaron ya tsaya ba. Daga allon mita zuwa turken wuta mita 45 ne. Wa zai sayi kebur ɗin nan mai sulke, wa zai haƙa ramin, wa zai bi kamfanin wuta na KEDCO a kawo mitar wuta guda 4? Sandar ating, wadda ake binnewa a ƙasa don kariya daga shokin, da raminta fa? Canjin layi zuwa janareta fa? Iyakar aiki wuri ce da za ka iya dafawa da hannu. Sai a rubuta: "Aikinsa ya fara daga bakin fitar mita zuwa cikin gida. Daga mita zuwa turke, da neman mita, na mai gida ne ta hannun babban ɗan kwangila." Na rubuta musu wannan a bayan takardar sulhu, yaron ya sa hannu nan take, Alhaji ɗan kwangilar ya ce zai duba. Yau kwana 4 yana dubawa.

Ina faɗin wannan da ciwo a raina, don yaran nan masu aikin hannu su ne kullum a ƙasa. Ba su da lauya, kuɗinsu na hannun wani, in an riƙe kashi na ƙarshe ba su da abin yi sai kwashe tsani. Ƙanena, kafin ka sa hannu, ka ɗora yatsa a kan kowace "banda" ka ce, "Oga, wannan wa zai yi?" In ya ce za a gani, to ka riga ka gani.

Af, kuma mai shayin bakin gidan ya tare ni jiya. Ashe leburorin da aka sallama ranar da aka rufe aikin sun tafi da bashinsa na burodi da ƙwai, naira dubu 14 da ɗari 5, ya rubuta sunan kowa a bayan kwalin madara. A duk filin nan shi kaɗai na ga ya rubuta abu da suna da adadi da kwanan wata. Wanda ya san yana cikin kwalin nan, don Allah ya je ya biya bawan Allah, ni na gaji da kunyar wucewa ta gabansa.