Waya ta mutu a jirgin Landan, aljihu ya ji jiki

Abin da ke ba ni haushi da biyan kuɗin jirgin ƙasa a Landan shi ne, na'urar bakin ƙofa ba ta san mutum ba, lamba kawai ta sani. Ka ɗora kati ko waya a kan da'irar nan mai ruwan ɗorawa, ta rubuta tasha da lokaci. Ka sake ɗorawa wajen fita, sai a haɗa biyun a duba shiyyoyin da ka ratsa. Lokacin shigarka ne ke yanke farashi: ranakun aiki, daga 6:30 zuwa 9:30 na safe kuɗin ya fi tsada.

To, a ce ka shiga da waya, caji ya ƙare a cikin ramin da jirgin ke bi a ƙarƙashin ƙasa, ka zaro ainihin katin bankin da ka haɗa da wayar ka fita da shi. Asusu ɗaya, aljihu ɗaya, amma ina! Wayar ba lambar katin take miƙawa ba, wata lamba ce tata daban. Sai a ga fasinjoji biyu: ɗaya ya shiga bai fita ba, ɗaya ya fita ba a san inda ya shiga ba. Kowannensu ana iya caje shi farashi mafi tsada, kuma wannan kuɗin ba ya shiga lissafin iyakar abin da ake cira a yini.

Abin takaicin, ƙofar buɗewa take yi salin-alin, ko tari ba ta yi. Da yake sai yini ya ƙare ake tattara lissafi, washegari kake gani a asusunka, sannan ka hau neman a mayar maka da kuɗinka.