Kafin ranar biya ta zo, ki yi magana

Assalamu alaikum ƴan uwa masu shago, musamman mata. Yau nasihata a kan wata wasiƙa ce da yayata ta sa na rubuta mata, ta yarda in kawo muku ba tare da suna ba.

Shagon kayan masarufi gare ta a unguwa, taliya, sukari, madara, man gyaɗa, magi, omo, irin su dai. Tana sari a wajen wani dila a kasuwar Singa ta Kano, shekara huɗu kenan, yana ba ta kaya bashi ta biya bayan kwana 14. Ba ta taɓa cin masa kwabo ba amma duk ranar biya sai ta shiga wani hali, yau ta karɓi adashin wata a kan za ta rama mata, gobe ta kira ƙaninmu ya ranta mata, har akwai ranar da ta karyar da katan biyar na madara ƙasa da yadda ta saro dan kawai kuɗin Alhaji su cika. Na ce Yaya wannan ai ba kasuwa kike ba, wahala kike saye da kuɗinki. Muka buɗe littafin shago muka zauna lissafi, sannan ta faɗa na rubuta:

"Assalamu alaikum Alhaji, da fatan an tashi lafiya, ya kasuwa ya iyali. Ranka ya daɗe alfarma nake nema, kuma na ga gara in faɗa tun da saura kwana biyar wa'adin kayan da na ɗauka ya cika. Kayan dubu 600 nake ɗauka. In kwana 14 ta yi, abin da ke hannuna a kuɗin sari bai wuce dubu 350 ba. Wajen dubu 150 yana littafin bashi, don yawancin masu saye a wajena malaman makaranta ne da ma'aikata, sai albashi ya shigo suke biya. Sauran dubu 100 kuma kaya ne a kan kanta, taliya da sukari suna ƙarewa a kwana goma amma madara da man gyaɗa sai su yi wata. Roƙona shi ne in dinga kawo dubu 300 a kwana na 14, dubu 300 a kwana na 30. A gwada ni wata uku, in na saɓa sau ɗaya a mayar da ni tsarin da. In kuma ba zai yiwu ba wallahi ba komai, zan rage yawan kayan da nake ɗauka. Allah ya ƙara buɗi."

Shikenan wasiƙar, ba kuka ba rantse rantse, ba a kashe wata kaka a ƙauye ba. Kuma ku lura da ranar da ta tura, saura kwana biyar. Mu abin da muka saba shi ne ranar biya a kashe waya, in dila ya aiko yaronsa a ce Hajiya ta tafi asibiti alhali tana cikin ɗaki tana jin sallamarsa. Manzon Allah SAW ya ce jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, Bukhari da Muslim suka rawaito. Ya kuma ce wanda ya karɓi dukiyar mutane yana nufin biya Allah zai biya masa, wanda ya karɓa yana nufin ya salwantar da ita Allah zai salwantar da shi. Niyya a zuci take, amma dila ba ya ganin zuci, abin da yake gani shi ne kin kira tun kafin rana ko kin ɓuya bayan rana.

Sai wani wuri da muke yawan kuskure. Da yawa in za su nemi ƙarin wa'adi sai su jawo wa dila aya ta 280 a Baƙara, cewa in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi. Ayar gaskiya ce, amma wanda ba shi da abin biya take magana a kai. Yayata tana da kaya a shago, tana da kuɗi a hannun mutane, lokaci ne kawai bai dace mata ba, dan haka abin da take nema alfarma ce, Alhaji yana da ikon ya ce a'a kuma bai yi zunubi ba. Shi ma fa ba daga sama kayan ke faɗo masa ba, sau da yawa sai ya tura wa kamfani kuɗi kafin a loda masa mota, kuma in farashi yana hawa, kuɗin da suka kwana wata a hannunki ba za su sake sayo masa adadin katan ɗin da ya ba ki ba. Shi ya sa na ji daɗi da ta ce rabi a kwana 14, ba ta ce ya jira duka ba.

To ga inda abin ya so ya kwaɓe. Da wasiƙar ta isa, yaron shagon Alhaji ne ya fara kira, ya ce Hajiya ai abu ne mai sauƙi, wannan dubu 600 da ake binki a ɗora dubu 20 a kai sai ki kai wata. Ƴan uwa wannan ita ce riba tsagwaronta, irin ta jahiliyya, ko ka biya ko ka ƙara. Bashin da ya riga ya hau kanki ba a ƙara masa ko naira ɗaya saboda an ƙara kwana, ko da ke da kanki kika ce kin yarda, yardarki ba ta halatta shi. Amma sabon kaya daban ne. In za ki ɗauki sabon lodi dila ya ce katan na hannu da hannu kaza, na kwana 30 kaza, kuka tsaya a kan farashi ɗaya da rana ɗaya kafin ki ɗauki kaya, mafi yawan malamai sun halatta, domin wannan ciniki ne. Sharaɗin dai in ranar ta zo kika makara, kuɗin suna nan yadda suke. Wasu za su ce ai duk ƙari ne, to Alƙur'ani ya riga ya kawo maganar masu cewa ciniki kamar riba yake a aya ta 275 a Baƙara, ya kuma ba su amsa.

Kuma dan Allah a daina "zan biya in Allah ya hore" ko "in kasuwa ta buɗe". Aya ta 282 a Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, cewa ta yi in kun ƙulla bashi zuwa wani lokaci ambatacce ku rubuta shi, a kuma kafa shaidu. Ki ce in sha Allah, eh, amma ki faɗi kwanan wata. Rubutun ma ba raina juna ba ne, yau Alhaji ne, gobe in ta Allah ta kasance magadansa ne za su buɗe littafi, su kuma ba su san wata alfarma da aka yi a baki ba.

Yayata ta ce wa yaron a'a, ta jira mai shagon. Bayan la'asar Alhaji ya kira da kansa, ya ce tsohon bashi ta biya a kashi biyu yadda ta nema ba ƙari, sabon kaya kuma ya yarda da kwana 30 a kan madara da man gyaɗa kawai, taliya da sukari tunda da bakinta ta ce suna ƙarewa a kwana goma su tsaya a 14. Ta yi dariya ta ce lissafinta ne ya kama ta. Washegari muka je Singa, aka rubuta a bayan rasit, shi ya sa hannu ita ta sa, ni da maƙwabcin shagonsa muka zama shaidu.